Nawa Za Mu Karɓa a Kan Buhu? Bayanin Kwamitin Kasuwanci Kan Farashin Injin Cire Tsakuwa

Jawabin da kwamitin kasuwanci ya gabatar a taron cikar ƙungiya shekara goma



An ɗora mana aiki guda ɗaya, mu kawo muku farashin da za a riƙa karɓa a kan injin cire tsakuwa daga shinkafa, wanda muka saya da kuɗin ajiyarmu. Tun ranar da aka sauke injin nan a shago ba mu huta da tambaya ba. Wata ta tare mu a gidan suna ta ce, "Ai namu ne, ku sa da sauƙi." Wata ta ce, "Ku tambayi abin da ake karɓa a babbar kasuwa ku rage ɗari biyu." Wata kuma ta ce, "Kai, aikin nan na da kyau, ku tsuga kuɗi." Ba su sani ba, matan nan uku sun faɗi hanyoyi uku da 'yan kasuwa ke bi wajen sa farashi. Akwai mai duba abin da ta kashe ta ɗora riba, akwai mai duba abin da maƙwabta ke karɓa, akwai mai duba amfanin da mai kawo kaya zai samu. Mun bi ukun ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda, kuma abin da kowace ta nuna mana shi za mu shimfiɗa a gabanku.

Kafin nan, bari mu tuna wa juna injin markaɗenmu na farko, duk da tunawar ba daɗi. Mun sa kuɗin markaɗe ƙasa da na unguwa, layi ya yi tsawo, muna murna. Duk abin da ya rage bayan an sayi mai an sallami yaron inji, sai mu kira shi riba, mu raba da Sallah. Shekara uku aka yi a haka, rana ɗaya inji ya buga, bakanike ya ce sai sabo. Aka buɗe asusu, babu ko rabin kuɗinsa. Ashe abin da muke rabawa ba riba ba ce, injin ne muke ci kaɗan-kaɗan. Wannan karon naira 1,800,000 muka zuba, inji da janaretansa, kuma a ciki akwai ajiyar zawarawa da ta masu riƙon marayu. Shi ya sa muka ƙi sa farashi da ka.

Hanya ta farko: abin da muka kashe, a ɗora riba

Wannan ita ce wadda kowace mai ƙosai ta sani. Ki lissafa wake da mai da itace, ki ɗora ɗan abin da za ki samu. Sai dai a sana'ar inji kashe kuɗi iri biyu ne, kuma raba su shi ne rabin aikin.

Iri na farko shi ne wanda ke tafiya da buhu. In an yi aiki a kashe shi, in ba a yi ba ba a kashe ba. Mun yi gwaji na mako biyu, muna auna mai safe da yamma. Buhu mai kwano arba'in, in aka zuba shi sau biyu kamar yadda muke yi don kada tsakuwa ta tsira, yana cin kusan rabin lita na fetur. Mun yi lissafin lita a kan naira 1,000, ke nan naira 500. Zaren ɗinki da ladan mai ɗaga buhu a cikin shago, naira 100. Don haka kowane buhu da ya shiga injin nan ya ci naira 600.

Iri na biyu shi ne wanda ba ruwansa da ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wata na ƙarewa zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ga su:

- Hayar shago: naira 10,000 a wata
- Albashin yaron inji da na 'yar'uwarmu mai awo da rubutu: naira 65,000
- Gyara, wato raga da bel da baƙin mai da ladan bakanike: naira 15,000
- Kuɗin tsufan inji: naira 30,000

Jimla naira 120,000 kowane wata. Na ƙarshen nan, kuɗin tsufa, shi ne wanda muka manta da shi a injin markaɗe. Mun ƙiyasta injin zai yi mana shekara biyar, wato wata sittin. In aka raba 1,800,000 gida sittin, kowane wata naira 30,000 ke narkewa a jikin ƙarfen nan, ko mun gani ko ba mu gani ba. Dole a cire ta a ajiye a gefe, ba ta rabo ba ce.

To, yanzu tambaya: wannan 120,000, buhu nawa za su ɗauke ta? A nan ne hanyar ta farko take da rami. In muka yi lissafi da lokacin kaka, sa'ad da muke sa ran buhu 200 a wata, kowane buhu zai ɗauki naira 600, a haɗa da 600 na mai da zare, ya tashi a 1,200. A ɗora ribar kashi ashirin da biyar cikin ɗari, farashi ya zama 1,500. Da daɗin ji, ko ba haka ba? Amma kaka ba ta shekara. In shinkafa ta ja baya aiki ya koma buhu 80 a wata, kowane buhu sai ya ɗauki 1,500 daga waccan jimla, ya tashi a 2,100. Mai karɓar 1,500 a irin wannan wata za ta tara naira 120,000, ta kashe 168,000. Faɗuwar naira 48,000 ke nan a wata guda, alhali inji na ta ƙara, mutane na cewa ƙungiya na samu.

Saboda haka muka yi lissafin shekara gaba ɗaya. Mun bi 'yan ƙungiya masu gumi da masu sari na unguwanninmu gida-gida, muka rubuta abin da kowa ke juyawa, sannan muka rage don kada mu yaudari kanmu. Muka tsaya a kan wata huɗu na hada-hada, buhu 200 kowanne, da wata takwas na sanyin kasuwa, buhu 80 kowanne. Jimla buhu 1,440 a shekara, wato 120 a wata in aka baje. A haka kowane buhu ya ɗauki naira 1,000, a haɗa da 600, ya tashi a naira 1,600. Ku riƙe wannan lamba. Ita ce uwar kuɗi. In aka ɗora mata kashi ashirin da biyar, farashi ya zama 2,000.

Kyawun wannan hanya shi ne tana nuna mana ƙasan rijiya, inda in muka sauka ƙasa da shi mun fara cin uwa. Aibinta kuwa guda biyu ne. Na ɗaya, ba ta san mai kawo kaya ba sam. Ba ta tambaya ko 2,000 ta yi masa nauyi ko kuwa zai biya fiye yana godiya. Na biyu, in an bi ta ido rufe takan kai ga shirme, domin duk sa'ad da ciniki ya ragu za ta ce a ƙara kuɗi, ƙarin kuɗin kuma ya kori sauran masu zuwa. Sannan wannan kashi ashirin da biyar, wa ya yanka shi? Mu ne muka ga dama muka faɗa. Da mun ce goma ko arba'in, takarda ba za ta musa ba.

Hanya ta biyu: abin da wasu ke karɓa

Muka tura mutum biyu daga cikinmu babbar kasuwa, ba da sunan ƙungiya ba, da buhunsu kamar kowa. Mai injin da ke can yana karɓar naira 1,500 a buhu. Sai kuma mata masu tsinta da hannu a gidaje, suna karɓar naira 50 a kwano, buhu ya kama 2,000, kuma yakan ɗauke su kwana biyu.

Da wannan labari ya zo, wasu a kwamiti suka ce shi ke nan, magana ta ƙare, mu sa 1,500, ko ma 1,300 don mu janyo mutane. Sai ma'ajinmu ta ɗauko biro. Uwar kuɗinmu 1,600 ce. A 1,500, kowane buhu mun yi asarar ɗari, a wata naira 12,000. A 1,300, asarar ɗari uku, a wata naira 36,000. Ta ce, "To, wa za ta fara kawo nata kason na cikon?" Aka yi shiru.

Me ya sa shi yake iya karɓar 1,500 mu ba za mu iya ba? Domin ba sana'a ɗaya muke yi ba, ko da injin ya yi kama. Shi babban abincinsa casa ne. A wurin cashe shanshera yake samun kuɗinsa, cire tsakuwa ɗan ƙari ne da yake riƙe masu kawo masa casa da shi. Shagonsa, yaransa da injin wutarsa duk casa ta riga ta biya su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga farashinsa a bakin ƙofa, amma ba mu ga littafinsa ba. Ƙila ma faɗuwa yake yi a wannan ɓangaren yana cikewa da wani. Wadda ta kwafi farashin maƙwabci ta kwafi amsar lissafin da ba nata ba.

Abu na biyu da 'yan aikenmu suka gano ya fi wannan muhimmanci. Wannan 1,500 ba ita ce abin da ke fita daga jakar mace 'yar garin nan ba. Kuɗin motar buhu zuwa da dawowa ya ci naira 800. Masu dako a can da nan suka karɓi 200. Kafin buhu ya dawo gida ya ci naira 2,500, ban da yinin da aka ɓata a layi, ban da kuɗin motar ita kanta mai kayan. Kuma sau ɗaya ake zuba shi a can. Da muka dawo da buhun muka sake zuba shi a namu injin, sai da ƙananan tsakuwa suka cika tafin hannu.

Don haka duba maƙwabta yana da amfani, amma sai an duba daidai. Kada a tsaya ga abin da ke rubuce a allonsa, a duba abin da mai kaya ke kashewa tun daga ƙofar gidanta har ta dawo. Wannan 2,500 ita ce abin da mai kaya za ta auna mu da shi. Ku riƙe ta ita ma, lamba ta biyu ke nan.

Hanya ta uku: abin da mai kaya ke samu

Wannan ita ce baƙuwa a wurinmu, kuma ita ta fi wahala, domin amsarta ba ta cikin littafinmu, tana cikin na mai kawo kaya. Tambayar ita ce: in an cire wa mace tsakuwa daga buhunta, nawa ya ƙaru a hannunta?

Kowa a nan ya san dalilin da ya sa mutanen birni suka daɗe suna gudun shinkafa 'yar gida. Ba ɗanɗano ba ne, tsakuwa ce. Ana shanya ta a ƙasa ko a gefen titi, tsakuwa ta shiga, kuma wadda girmanta ya yi daidai da ƙwayar shinkafa ba rariyar da za ta tare ta. Injin nan ba da girma yake rabewa ba, da nauyi ne. Raga ce a karkace tana girgiza, iska na hurowa daga ƙasa, shinkafa ta ɗan taso ta gangara ta fita ta gaba, tsakuwa mai nauyi ta lafe a kan raga girgiza ta tura ta sama ta fita ta baya. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 mutane da yawa suka koma cin 'yar gida, kuma da yawansu a shirye suke su ƙara kuɗi in an tabbatar musu ba za su tauna dutse ba.

A makon gwaji mun bi masu sari goma da suka kawo kaya, muka tambaye su yadda suka sayar. A lokacin kwanon mai tsakuwa yana naira 3,000, wanda aka cire wa tsakuwa 3,200. Wata za ta yi saurin cewa ɗari biyu sau arba'in, ribar 8,000 ke nan. A'a, da saura. Buhu in ya shiga inji ba ya fitowa da cikarsa. Tsakuwa da ƙura da 'yar ƙaiƙayi suna tafiya da kusan kwano guda, kuma da can wannan kwanon sayar da shi ake yi a kuɗin shinkafa. Ga lissafin gaskiya: kwano 40 a 3,000 ya ba da naira 120,000. Kwano 39 a 3,200 ya ba da 124,800. Abin da ya ƙaru shi ne naira 4,800.

Wannan 4,800 ita ce lamba ta uku, ita ce rufin ɗaki. Wadda aka ce ta biya haka, an yi ba a yi ba ke nan, ta sha wahalar ɗauko buhu a banza. Amma ko kusa da ita ba za mu iya zuwa ba, saboda mai kaya tana da wata ƙofar. Muna cewa 3,500 za ta ce, "Gara in kai kasuwa, 2,500 ta ishe ni." Ashe amfanin aikinmu ba a auna shi da rashin yin aikin kaɗai, ana auna shi da hanya mafi kyau da mai kaya ke da ita in babu mu. Abin da za mu iya ɗorawa a kan 2,500 shi ne kawai abin da muka fi can da shi, wato zubi biyu da yinin da ba a ɓata ba. Mu kuma sababbi ne, ba a gama yarda da mu ba tukuna.

Wannan hanya tana da wani rauni da ya kamata ku sani tun yanzu. Ta dogara ne a kan wannan tazarar ta ɗari biyu a kwano, kuma ba mu muke riƙe da ita ba. A ce kowa ya koma cire tsakuwa, ko shinkafa ta yi yawa a kasuwa, tazarar ta koma ɗari ɗaya. Kwano 39 a 3,100 ya ba da 120,900. Ƙarin ya dawo naira 900 kacal, bai kai ko uwar kuɗinmu ba. A ranar masu sari za su daina zuwa, ba don mun yi musu laifi ba, sai don lissafinsu ya daina fita. Shi ya sa muka ɗora wa mai awo aikin rubuta farashin kwano biyun nan kowace ranar kasuwa.

Haka nan amfanin ba ɗaya ba ne ga kowa. Mai sari tana auna shi da naira. Mai sayar da abinci tana auna shi da yaran da take biya su yi mata tsinta da asuba, da kuma mai cin da zai fasa haƙori ya daina zuwa. Uwargida mai kwano biyar ba sayarwa za ta yi ba, hutun rege da tsinta take saye. Ita ba za ta hau mota da kwano biyar zuwa babbar kasuwa ba, abin da take auna mu da shi shi ne naira 50 ta masu tsinta da hannu.

Abin da muka tsaya a kai

Da muka jera lambobin nan uku, sai muka ga hanyoyin ba kishiyoyi ba ne, kowace da aikinta. Ta farko ta ce kada ku sauka ƙasa da 1,600. Ta biyu ta ce in kun wuce 2,500 mutane suna da inda za su. Ta uku ta ce akwai 4,800 a buhu, don haka mai sari ba za ta ji ciwo ba in kun tsaya a tsakanin waɗancan biyun. Farashinmu yana tsakanin 1,600 da 2,500.

Muhawara ta tsaya a kan 2,000 ko 2,200, kuma watannin sanyin kasuwa ne suka raba gardama. A 2,000, in an cire 600 na mai da zare, kowane buhu ya bar 1,400. Buhu 80 sun bar 112,000, ba su kai 120,000 ba, ke nan wata takwas a shekara muna cikon dubu takwas-takwas daga abin da muka tara da kaka. A 2,200 kuwa buhu ya bar 1,600, kuma buhu 75 sun isa su biya haya da albashi da gyara da kuɗin tsufa. Ko a watan da ya fi kowanne sanyi, injin zai ɗauki nauyin kansa har ya bar dubu takwas.

Don haka shawararmu ita ce naira 2,200 a buhu mai kwano arba'in. Mai sari ta biya ƙasa da abin da take kashewa a babbar kasuwa da ɗari uku, ta huta da tafiya, kuma daga cikin 4,800 da aikin ya ƙara mata, 2,600 ta rage a hannunta, fiye da rabi. Mu kuma muna da 600 a kan kowane buhu bayan uwar kuɗi. In ƙiyasinmu na buhu 1,440 ya tabbata, naira 864,000 ke nan a shekara, kuɗin sabon inji kuma na can a ajiye daban.

Ga masu kawo kwano-kwano, naira 70 a kwano. Mun san ya fi na masu tsinta da ashirin, ya kuma fi na buhu in aka baje. Dalili shi ne tayar da janareta da share raga saboda kwano biyar yana cin mai da lokaci kusan kamar na rabin buhu. Don a rage wannan, za a riƙa tara ƙananan kaya a yi su a jere bayan la'asar, kowa da alamar kwanonta.

Maganar 'yan ƙungiya

Mun san wannan ce ke cin ran da yawa daga cikinmu, don haka ba za mu kewaye ta ba. Shawararmu ita ce 'yar ƙungiya ta biya 2,200 kamar kowa. Mun ji gunaguni daga baya can, ku yi haƙuri ku ji dalili.

A cikinmu masu sana'ar shinkafa ba su kai rabi ba, amma kuɗin injin na kowa ne. In aka rage wa masu shinkafa a bakin inji, daga aljihun mai ɗinki da mai ƙuli-ƙuli da mai kitso aka cire. Sannan mun san halinmu. Ranar da aka ce 'yar ƙungiya na da rangwame, buhun ƙanin miji da na maƙwabciya duk za su zo da sunanta, mai awo kuma ba za ta iya yi wa yayarta musu ba. Abin da muke so a yi shi ne a rubuta kowane buhu da sunan wadda ta kawo, a ba ta rasit. Ƙarshen shekara, bayan an cire kuɗin tsufa da na ko-ta-kwana, a raba ribar kashi biyu. Kashi ɗaya bisa jarin kowa, kashi ɗaya bisa yawan buhunan da kowace 'yar ƙungiya ta kawo. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Tun 1844 masaƙan garin Rochdale a Ingila, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen irin ƙungiyoyinmu, haka suka yi a shagonsu: a sayar a farashin kasuwa, a mayar wa kowa rara gwargwadon cinikin da ya yi. Rangwamenki na nan, sai dai bayan an tabbatar akwai shi za ki karɓa. In kuma kin kawo buhun maƙwabciya da sunanki, madalla, kin kawo wa ƙungiya ciniki a cikakken farashi.

Wata dattijuwarmu ta tambaye mu ko duba ribar mai kaya kafin a sa masa farashi ba haɗama ba ce. Tambaya ce mai kyau, Inna. Amsarmu ita ce za a rubuta farashi a allo a bakin shago, kowa ya gani kafin ya sauke kaya. Za a auna a gaban mai kaya shiga da fita, a nuna masa tsakuwarsa. Ba a ɓoye komai ba, ba a tilasta kowa ba, kuma mai kaya ya tafi da kaso mafi girma na amfanin. Mu a ganinmu rashin adalcin shi ne a faranta wa masu kawo kaya da dukiyar marayun da aka ba mu amana.

Yadda za mu gane in mun yi kuskure

Farashi ba a sassaƙa shi a dutse ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abu huɗu za mu sa wa ido.

Na ɗaya, mai awo za ta riƙa jan layi a littafi duk sa'ad da wani ya tambayi farashi ya juya da kayansa. In a cikin goma ɗaya ko biyu ne, ba komai, kasuwa ce. In sun kai huɗu, mun yi tsada, ko kuma ba mu iya bayyana amfanin ba. In kuwa wata uku suka wuce ba wanda ya ko taya, layi kuma ya fi ƙarfin inji, to mun yi araha.

Na biyu, yawan buhu. Duk watan da ya gaza 75, kwamiti zai zauna a makon, ba sai ƙarshen shekara ba. Kuma maganin farko ba ƙarin kuɗi ba ne, neman masu kaya ne.

Na uku, mai. Duk mun ga abin da ya faru bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tunda buhu rabin lita yake ci, duk ƙarin ɗari biyu a lita ƙarin ɗari ne a buhu. Muna neman ku ba kwamiti izinin gyara farashi da wannan gwargwado, sama ko ƙasa, ba sai an kira babban taro ba.

Na huɗu, kuɗin injin kansa. Dubu talatin da muke ajiyewa za ta tara mana 1,800,000 a shekara biyar, amma ba tabbas inji zai tsaya a haka. Kowace shekara za mu je mu tayo sabo, in ya tashi mu ɗaga abin ajiyewa. Kuɗin nan asusunsa daban, da sa hannun mutum uku, ba a ranta shi don biki ko suna.

To, jama'a, abin da muka kawo ke nan: 2,200 a buhu, 70 a kwano, farashi ɗaya ga kowa, rarar 'yan ƙungiya a ƙarshen shekara, a sake zama a duba bayan wata uku. Littafin gwaji da takardun lissafi suna wurin sakatariya, duk mai so ta je ta duba, ko ta turo ɗanta mai boko ya bi mata lambobin ɗaya bayan ɗaya. In an ga inda muka yi kuskure a faɗa mana yau, kafin a ɗaga hannu, domin gyara a takarda ya fi gyara a asusu sauƙi.

Allah ya sa albarka a cikin wannan inji, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, ya maimaita mana wasu shekaru goman cikin lafiya da haɗin kai.